Dalilin da yasa nake neman gurbin horo a sashen binciken wake na cibiyar binciken aikin gona ta IITA, Kano

Assalamu alaikum, malamaina 'yan kwamitin tantancewa. Fom ɗin ya ce a faɗi dalilin da yasa ake son wannan gurbin takamaimai, to nawa dalilin daga gonar Babanmu ya fara.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙaramar hukumar Bichi, ƙasarmu jigawa ce, yashi ne kawai, gero da wake da gyaɗa su ne abincin su ne kuɗin. Baba yana da gona da muke ce mata gonar bayan gari, a nan yake ratsa wake cikin gero, Ɗan Ila da ɗan Kanannado kaɗan saboda harawa. Ina aji biyar na sakandare shekarar da muka je roro ni da ƙannena da buhu huɗu muka dawo da ɗaya ko cika bai yi ba. Waken ya tsaya cak, ganyen ya yi rawaya kaman an hana shi ruwa alhali damina ta yi kyau, gindin kowanne kuwa wuta-wuta ce ta fito cunkus. Baba ya sa muka yi kwana uku muna cirewa da hannu, rana ta dake mu, kuma babu abinda ya canja. Shekarar Inna sai da ta sayi wake a kasuwa take ƙosanta na sayarwa, ita da mijinta manomin wake ne, har yau ban manta yadda take ƙirga kwano ba kafin ta jiƙa.

Sai da na shiga tsangayar aikin gona a BUK na gane me yasa wahalar kwana ukun nan bata yi amfani ba. Ita Striga gesnerioides, wato wuta-wutar wake, irinta kaman ƙura yake, yana kwance a ƙasa shekara da shekaru ba zai tsiro ba sai ya ji ruwan da saiwar wake take fitarwa, yana tsirowa ya maƙale a saiwar ya fara zuƙa, kafin ka ganta a sama ta riga ta gama ɓarnar a ƙasa. Cirewa tana rage irin da zai zuba na baɗi amma waken bana ya riga ya tafi. Ranar da malaminmu ya yi wannan lakcar wallahi kasa rubutu na yi, hannun Baba kawai nake gani. A lakcar ne kuma na fara jin akwai irin da wuta-wuta bata iya kama shi, IT97K-499-35, wanda aka saki a Najeriya da sunan SAMPEA 10, malam ya ce K ɗin nan da ke cikin lambar Kano ce. Na yi mamaki sosai, na kuma ji ciwo, a Kano aka haɗa shi, mu muna nan cikin jihar, mun yi asara shekara da shekaru bamu taɓa jin sunansa ba.

Shi na ɗauka a furojet ɗina na aji biyar. Na ɗebo ƙasa daga gonar bayan garin nan buhu biyu a bayan a-kori-kura, na cika tukwane 48, rabi Ɗan Ila rabi SAMPEA 10, ina ƙirga wuta-wutar da ta fito duk sati, a ƙarshe na wanke saiwa na ƙirga wanda suka maƙale. Tukwanen Ɗan Ila kusan duka sun kamu, na SAMPEA 10 kuwa tsaf. Na san ba sabon abu na gano ba, ku kun san wannan tun ban shiga jami'a ba. Abinda na samu shi ne hannuna ya koyi aiki, yadda ake jera tukwane ba tare da son rai ba, yadda ake rubuta data a ranar ba a bari sai gobe ba, da shigar da ita Excel, na kuma taɓa manhajar lissafin data ta R kaɗan da taimakon supabaiza ta. Tukwane 5 sun lalace lokacin da aka yi kwana huɗu babu ruwa a famfo, na rubuta hakan a rahoton yadda ya faru ban cike gurbinsu da lambar ƙarya ba, ita ma ta ce haka ake yi.

Amma abinda ya fi tsaya min a rai bayan furojet ɗin ya faru. Na kai wa Baba ragowar irin ya shuka kunya goma, ya yi kyau, wuta-wuta bata taɓa shi ba, ya nuna da wuri tun kafin gero ya gama. Na ɗauka shikenan. Sai Baba ya ce waken ya yi, amma ina harawar? Shi yana da tumaki da shanun huɗa biyu, kuma da rani damin harawa kuɗi ne, wata shekarar ma ita ke fidda shi fiye da ƙwayar. Inna kuma ta murza shi a hannu ta ce ƙwayar bata kai ta Kanannado girma ba, masu saye a kasuwa da ido suke fara ciniki. Ba gardama suke ba, gaskiyarsu ce, kowa da abinda yake nema a jikin waken, kuma Kanannado da ake ganin yana jinkiri, tunda baya fure sai rana ta fara gajarta wajen ƙarshen damina, wannan jinkirin ne yake bashi damar yaɗo ya tara ganye. Daga ranar na daina tunanin iri mai kyau guda ɗaya ne. Tambayar da nake yawo da ita yanzu ita ce yaya ake haɗa su, juriyar wuta-wuta da babbar farar ƙwaya da harawa, a iri ɗaya, kuma me ake sadaukarwa in an haɗa.

Wannan tambayar a wurinku ake amsa ta, shi yasa ban cike na wani wuri ba. Na yi horon aikin ɗalibai na SIWES wata 6 a ofishin malaman gona, na ji daɗinsa na koyi magana da manoma, amma can iri ya riga ya zo a leda da sunansa, rabawa ake. Ni inaso in ga inda yake fitowa. Wake shi yake yi wa kansa barbara, furen tun bai buɗe ba ya gama, to a littafi na karanta yadda ake buɗe tohon furen a cire sassan namijin da ɗan hantsaki a kawo garin wani furen a shafa a ɗaura alama, na zana shi a jarabawa na ci maki, amma ban taɓa yi da hannuna ba ko sau ɗaya, kuma an ce da yawa zubewa suke in hannu bai saba ba. Ina son in zauna kusa da wanda ya shekara yana yi in lalata ɗari in koyi na ɗari da ɗaya. Ina son in ga yadda ake bin 'ya'yan tsara bayan tsara ana zaɓe ana zubarwa, da yadda ake gwada su a gonarku ta Minjibir, wadda ƙasarta da ruwan samanta kusan irin namu ne, duk abinda ya tsaya a can nasan zai iya tsayawa a gonar bayan gari. IITA tun 1967 take a Ibadan kuma nasan akwai manyan ɗakunan gwaji a can, amma wake ɗan ƙasar nan ne ta arewa, nan nake so.

Nasan kuma wuta-wuta ba ita kaɗai bace. Akwai darɓa, akwai tsutsar Maruca mai cin fure da huda kwanso wadda saboda ita manomi yake feshi sau shida ko fiye a damina ɗaya, har cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Zariya ta saki irin wake SAMPEA 20-T, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, a 2019 domin ta, kuma a garinmu mutane suna ta tambaya a kansa, wasu da tsoro, ina so in iya basu amsa da ilimi ba da ji-ta-ji-ta ba. Sai ajiya, wadda ita ce ta fi taɓa mata. Ƙwaro yana cinye buhu cikin 'yan watanni, sai a zuba fiya-fiya ko a jefa bom a ciki, waken da yara za su ci. Saboda ragowar irin wannan maganin ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu a 2015, mu da muka fi kowace ƙasa noman wake a duniya. A hutun aji huɗu na tara mata 14 a tsakar gidanmu na nuna musu buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu a waje, yadda ake matse iska a ɗaure kowacce daban, muka rufe guda ɗaya na Inna a gabansu bayan kaka muka buɗe da bazara, ba ƙwaro ba magani. Yanzu shida a cikinsu da shi suke ajiya, sauran sun ce tsadar buhun ce, kuma suna da gaskiya, ban gama samo amsar wannan ba.

Abinda zan kawo muku ba mai yawa bane amma na tabbata da shi. Na iya aikin gona na gaske, shuka da noma da roro, rana bata kora ta. Ina rubuta data da tsafta. Kuma ina iya shiga cikin gida wurin matan da malamin gona namiji ba zai wuce zaure ba, su ne masu surfe da jiƙa da suya, su suka san waken da ɓawonsa ke fita da sauƙi da wanda yake kumbura a ƙullu, in ana gwajin zaɓen iri da manoma zan iya kawo muku maganarsu yadda suka faɗe ta. Bayan horon burina in yi digiri na biyu a fannin haɗa iri, in kuma fara noman irin shuka mai inganci da matan garinmu saboda kar wani ya ƙara jin sunan iri a aji bayan ya gama asara.

Na gama bautar ƙasa, bani da wani aiki da zai raba min hankali cikin wata 6 ɗin horon nan. Zan zauna wurin yayata a cikin Kano, Baba ya amince, kuma in aikin ya kama a tafi Minjibir da asuba a shirye nake. Ina roƙon ku bani wannan damar. Na gode, Allah ya saka da alheri.