Takardar Bayani ga Mai Fara Maganin Sanƙo

Malam, binciken da aka yi maka yau a ɗakin likitan fata a nan Sakkwato ya nuna kana mataki na 3 a ma'aunin sanƙo mai matakai 7, wanda Hamilton ya tsara a 1951, Norwood kuma ya gyara a 1975. A mataki na 1 da na 2 gashi yana ɗan ja baya ne kawai a gefunan goshi. A naka matakin gefunan sun shige ciki sosai. Daga na 4 zuwa na 5 tsakar kai takan buɗe, a bar siririn gashi tsakaninta da goshi, a na 6 su haɗe, a na 7 kuwa gashi ya rage a ƙeya da saman kunnuwa kawai.

Sanadin gado ne, tare da sinadarin DHT da jiki ke samarwa daga testosteron, sinadarin mazantaka. DHT ɗin ne ke tsuke saiwar gashi har ta koma fitar da siririn gashi kafin ta daina gaba ɗaya. Hula da rawani ba su da laifi, ko da wanzaminka ya ce suna da shi.

Magungunan biyu ne, finasterid da minoksidil. Finasterid ƙwaya ce, miligiram 1 kullum, tana rage DHT na jini da kusan kashi 70 cikin 100, kuma babban aikinta shi ne tsayar da zubar. Minoksidil mai ƙarfin kashi 5 shafawa ake yi a busasshiyar fatar kai, mililita 1 sau biyu a rana. Tunda yana bukatar kamar awa 4 kafin ruwa ya taɓa wurin, ka shafa bayan sallar Asuba da bayan Isha'i, don kada shafar kai a alwala ko gumin rana su wanke shi.

A watanni biyun farko zubar tana iya ƙaruwa, kuma nan ne mutane da yawa ke jefar da kwalbar, alhali tsohon gashi ne ke ba sabo wuri. Daga wata na 3 zuwa na 6 zubar takan lafa. Hukunci sai wata na 12, domin a gwajin finasterid kusan rabin maza ne aka ga ƙarin gashi a hotunansu bayan shekara, yawancin sauran kuma sun tsaya inda suke. Tsakar kai ta fi goshi karɓar magani, inda kuwa ya daɗe da yin sumul ba ya dawowa. In ka daina, abin da aka samu zai zube cikin shekara guda.

Minoksidil yakan jawo ƙaiƙayi. Finasterid kan rage sha'awa ko ƙarfin namiji ga kusan mutum 2 cikin 100. In ka ga haka, ko ƙuncin rai, ka dawo da wuri. Kada mai juna biyu ta taɓa fasasshiyar ƙwaya. Ka ɗauki hoton goshi da tsakar kai yau, kwana uku bayan aski, ka riƙa maimaitawa haka duk wata uku, ka zo mana da su.