Neman uzuri: babi na 3 zai makara saboda rashin lafiya

Assalamu alaikum Malam,

Barkanku da warhaka. Ina fata kuna lafiya, ku da iyali baki ɗaya. Yaya gajiyar komawa aiki? Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Malam, na rubuto ne in sanar da ku cewa ba zan iya kawo babi na 3 na kundina ranar Litinin 13 ga Oktoba ba, kamar yadda muka tsayar a zamanmu na ƙarshe. Rashin lafiya ce ta kwantar da ni. Ina roƙon ku ƙara mini lokaci zuwa Litinin 3 ga Nuwamba, in hakan ba zai ɓata muku tsari ba.

Ga yadda abin ya kasance. Ƙarshen Satumba na dawo daga ƙauyen Ɗan Saga, inda na je cike sauran tambayoyin da kuka ce a sake yi wa mata. Tun a mota, tsakanin Agiye da Cadawa, na fara jin sanyi da ciwon kai, na ɗauka gajiyar hanya ce. Washegari zazzaɓi ya rufe ni, ga amai, ko ruwa ba ya zama a cikina. Yayana ya kai ni likita, aka gwada jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne kuma ya yi ƙarfi. Nan take aka ba ni gado, aka sa mini ƙarin ruwa, aka fara allurar artesunate. Da amai ya tsaya aka mayar da ni kan ƙwayoyin kwana uku ɗin nan da aka saba, sannan aka sallame ni.

Alhamdu lillahi, zazzaɓin ya sauka. Abin da ya rage shi ne ƙarancin jini. Likitan ya ce jinina ya yi ƙasa sosai, ya rubuta mini maganin ƙarin jini, ya ce in huta mako biyu, kuma in koma a sake gwaji, domin wani lokaci jini yakan ƙara sauka bayan wannan allurar. Yanzu in na miƙe tsaye sai jiri, in na buɗe kwamfuta kuma ba na daɗewa layukan suke fara haɗuwa a idona. Na zauna kan teburan ƙidaya shekaranjiya, na ga ina karanta layi ɗaya ina maimaitawa ba tare da ya shiga kaina ba, sai na rufe. Yanzu ina gidan mahaifiyata a unguwar Zariya, ita ke jinyata. Na haɗo takardar shaidar likita da wannan wasiƙa. In sashe na buƙatar ta asali, ƙanena zai kai ofishin sakatare.

Ba na so ku ɗauka aikin ya tsaya cik, don haka bari in faɗa muku inda yake.

Ɓangaren farko na babin, wato bayanin yankin bincike da tarihin sassaben zamani a jihar Maradi, dabarar nan ta barin tohon kututture a gona ana rage masa rassa har ya zama itace, ya kammala tun kafin tafiyata, sai dai gyaran rubutu. Na bi shawararku na rage yabon da ya yi yawa a daftarin farko. Na kawo yadda Tony Rinaudo na ƙungiyar mishan ta SIM ya fara jan hankalin manoma a 1983 kan kututturan da ke da rai a ƙarƙashin ƙasa, da yadda yunwar 1984, wadda tsofaffi ke kira El Buhari, ta sa mutane da yawa suka karɓi aikin saboda abincin da ake bayarwa, sannan da dama suka sare itatuwan da abincin ya ƙare. Wannan guntun na ƙarshe na ba shi wuri mai faɗi, domin a ganina shi ne ke bayyana abin da ya zo daga baya: waɗanda suka bar nasu itatuwan su ne suka ga amfani da idonsu, maƙwabta kuma suka koya a wurinsu. Na kawo ƙiyasin nan na hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, amma na rubuta shi a matsayin ƙiyasi na faɗin kudancin ƙasa, musamman Maradi da Damagaram, kamar yadda kuka ja mini kunne. Na kuma jera dokokin da suka shafi mallakar itace a gona: dokar karkara ta 1993, dokar gandun daji ta 2004, da ƙudurin 2020 da ya tsara sassaben zamani.

Ƙidayar itatuwa a gonaki 60 ma tana hannu. Duk na shigar da ita cikin Excel, na duba ta da takardun da muka cike a daji. Sabara da kalgo su ne kan gaba, sai taramniya da gawo da aduwa a bayansu.

Inda aikin ya tsaya shi ne ɓangare na biyu, kuma shi ne zuciyar babin. Ina nufin alaƙar yawan itace da yadda manomi ya samu gonar: gado ce, saye, aro ko jingina. Tun ina daji na lura gonakin aro da na jingina sun fi zama fayau. Wani dattijo ya ce mini, wanda aka ba aron gona ba ya barin gawo ya girma, don kada mai gona ya ga kamar yana kafa hujjar mallaka ne. Mai gonar ma ba ya son ya gani. Na ji irin wannan magana a bakin mutane da yawa, kuma na yarda akwai gaskiya a cikinta. Amma abin da na gani da ido da abin da aka faɗa mini ba su isa in rubuta shi a matsayin sakamako ba. Sai na yi gwajin lissafi a manhajar R, na ware tasirin nisan gona da gari da irin ƙasa, domin a samfurina yawancin gonakin aro suna nesa da gari, inda masu saran itace da dare da dabbobi suka fi samun dama. In ban raba waɗannan biyun ba, zan iya ɗora wa aro laifin da na nisa ne. Wannan aiki ne da ke son kai a natse, kuma shi ne abin da ba ni da shi a yanzu.

Sai hirarrakin mata, waɗanda saboda su na koma. Suna cikin wayata, na kuma ajiye kwafi a wani wuri, amma ban rubuta ko rabinsu ba. Malam, kun yi gaskiya da kuka ce in koma. A zaman farko, da maza a wurin, amsar ɗaya ce: itace ya wadata, an huta da tafiya nesa. Da muka zauna mu kaɗai sai magana ta sake. Matar da mijinta ke da gona babba ta huta ƙwarai, tana samun rassan da aka sassabe, har ta sayar da saura. Amma bazawara, ko wadda gamanarta, wato gonarta ta kanta, ƴar ƙarama ce, cewa take yi da can kowa na iya shiga daji ya yi itace, yanzu kowane reshe da mai shi, sai ta roƙa ko ta saya. Ban ga an ba wannan wuri sosai ba a rubuce-rubucen da na karanta, kuma ba na so in taƙaita shi cikin layi biyu don kawai in cika wa'adi. Matan nan sun bar aikin girbi sun zauna da ni, sun faɗa mini abin da ba su faɗa a gaban mazajensu ba. Ina jin nauyin in rubuta maganarsu yadda suka yi ta.

Na yi tunanin in haɗa abin da ke akwai in turo ranar Litinin, amma zai zama na sa ku karanta abin da ni kaina na san zan rushe. Lokacinku ya fi haka tsada, ga ɗalibai da yawa a hannunku.

Ga abin da nake ganin zan iya, in Allah ya yarda. Ranar Litinin 20 ga Oktoba zan turo ɓangaren farko da teburan ƙidaya, tunda gyara kaɗan suke jira, ko a kwance zan iya yinsa sannu a hankali. Wata abokiyar karatuna ta yi alkawarin taimaka mini da buga hirarrakin, ni kuma in bi in duba da kunnena, domin akwai sunayen itatuwa da kalmomin ƙauye da wanda bai je wurin ba zai iya kuskurewa. In kuna ganin bai dace wani ya saurari hirarrakin ba saboda alkawarin sirrin da na yi wa matan, ku faɗa mini, sai in yi da kaina ko da zai ɗauki lokaci. Ba zan ba ta komai ba sai na ji daga gare ku. Bayan na koma likita an sake gwajin jini zan shiga lissafin, in turo babin cikakke ranar 3 ga Nuwamba. In sakamakon gwajin ya zo da wani abu dabam, a ranar zan sanar da ku.

Akwai abu biyu da nake neman haskenku a kansu. Na farko, ko wannan jinkiri zai taɓa ranar ajiye kundi a sashe da lokacin kare shi? In akwai takardar da ya kamata in rubuta wa shugaban sashe, ina so in yi ta da wuri. Na biyu, game da gonakin jingina: guda 7 ne kawai a cikin 60. Ina tunanin in haɗa su da na aro su zama rukuni ɗaya, tunda dukansu mai noman ba shi da tabbacin zama, amma ina shakka, domin jingina takan daɗe shekaru a hannun mutum har ya riƙa yi mata hidima kamar tasa. Ko layi ɗaya kuka rubuto mini a kan wannan zai rage mini aiki sosai.

Haka kuma ba zan samu halartar zaman ɗalibai na ranar Laraba ba. Na sanar da shugaban ajinmu, zai turo mini abin da aka tattauna. In kuna son magana da ni, wayata na kunne, kuma da safe na fi jin ƙarfi.

Ina neman afuwa kan wannan tsaiko, Malam, na kuma gode da haƙurin da kuke yi da ni tun farkon aikin nan. Mahaifiyata na gaishe ku. A sa ni cikin addu'a.

Wassalam.

Ɗalibarku,
Nana Hadiza
Shekara ta biyu, digiri na biyu
Tsangayar Aikin Gona da Kimiyyar Muhalli
Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, Maradi
Alhamis, 9 ga Oktoba