Takardar Neman a Mayar da Kuɗin Sabunta Rajista

Unguwar Mabera, Sakkwato
16 ga Janairu, 2026

Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Hulɗa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne domin in nemi kamfaninku ya mayar mini da naira 86,000 da aka cire daga asusuna na banki ranar Laraba, 14 ga Janairu, 2026, da sunan sabunta rajistar shekara ɗaya ta manhajarku ta gwajin tambayoyin jarrabawa. Lambar rasit ɗin da kuka turo ita ce 20417, kuma na haɗo hotonsa da na saƙon banki a cikin wannan takarda.

Na yi rajistar ne ranar 14 ga Janairu, 2025, a kan naira 62,000, saboda ɗaliban darasin yamma da nake shiryawa domin jarrabawar JAMB. Manhajar ta yi mana amfani ƙwarai, musamman ga yaran da ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba kafin su zo wurinmu, kuma ba ni da wani ƙorafi a kan ingancinta. To amma da ɗaliban suka zauna jarrabawa a ƙarshen watan Afrilu na 2025, sai na rufe sashen kwamfuta gaba ɗaya, domin kuɗin man janareta ya fi abin da sashen yake kawowa, na kuma sayar da na'urorin. Tun daga lokacin babu wanda ya sake shiga asusun manhajar, kuma bayanan da ke hannunku za su tabbatar da haka fiye da duk abin da zan faɗa.

Gaskiyar magana ita ce na sha'afa ban kashe maɓallin "Auto-renew" ba, saboda haka ba na cewa an cire kuɗin ta haramtacciyar hanya, kuma shi ya sa ban je banki na ce ban san da cinikin ba. Abin da nake roƙo ku duba shi ne cewa an biya kuɗin aikin da ba a mora ba, ba kuma za a mora ba, tunda babu ɗalibi ko na'urar da za ta hau manhajar. Ina ganin saƙon banki da asubahin ranar na shiga na danna "Cancel subscription", shafin ya kuma nuna cewa an soke, amma bai ce komai ba game da kuɗin da aka riga aka ɗauka.

Akwai kuma batun farashi, wanda shi ne ya fi damuna. Abin da na amince da shi bara naira 62,000 ne, ga shi an ɗauki 86,000, wato ƙarin naira 24,000. Na bincika akwatin imel ɗina, har da wurin da saƙonnin banza suke taruwa, ban ga sanarwar ƙarin kuɗi ko tunatarwar cewa ranar sabuntawa ta gabato ba. Idan kun aiko, ina roƙon ku turo mini kwafinta da ranar da aka aiko ta. Idan kuwa ba a aiko ba, a ganina yardar da mutum ya bayar a kan wani farashi ba ta zama yarda a kan wanda ya fi shi ba. Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda hukumar FCCPC take aiwatarwa, ta tanadi cewa a bayyana wa mai saye farashi a fili, kuma na tabbata kamfani irin naku ya san da wannan.

Saboda haka ina neman a mayar da kuɗin gaba ɗaya ta katin da aka cire su, a goge bayanan katin daga asusun, sannan a aiko mini da shaida a rubuce cewa ba za a sake cire komai ba. Ina roƙon kada a ba ni ragin farashi ko ƙarin watanni a madadin kuɗin, domin wanda ya rufe aji ba shi da abin da zai yi da su. Kuɗin kuwa na ajiye su ne domin albashin malamai biyu da suka rage tare da ni, wanda zan biya a ƙarshen wata. Idan ƙa'idarku ta tanadi a riƙe wani abu na kuɗin hidima ko na lokacin da ya shige kafin in soke, to a bayyana mini adadin da dalilinsa, ba zan ƙi abin da yake daidai ba.

Zan jira amsarku zuwa ranar Juma'a, 30 ga Janairu, 2026. Idan ranar ta wuce ba a warware ba, zan shigar da ƙorafi a bankina da kuma hukumar FCCPC, ko da yake na fi son mu gama maganar a tsakaninmu. Ana iya samuna ta adireshin imel ɗin da na yi rajista da shi.

Na gode, Allah ya taimaka.

Naku,
Mai kula da darasin yamma,
Mabera, Sakkwato