Tsarin Ƙaddamarwa da Gwajin Aiki na Tashar Ruwan Sanyi, Ginin Ofisoshi Mai Hawa Biyar, Unguwar Filato, Yamai

1. Abin da za a gwada da masu alhaki

Tashar tana da injinan sanyaya ruwa biyu, CH-1 da CH-2, masu kwamfureso irin na sukuru da gas R134a, waɗanda iska ke huce musu kwandensa. Kowanne zai ba da kilowat 500 idan zafin waje ya kai digiri 46: ruwa ya fita a digiri 7, ya dawo a 12, kubik 86 a awa. Famfunan zagayen farko uku ne, P-1 zuwa P-3, biyu na aiki ɗaya na jira. Na zagaye na biyu, P-4 da P-5, suna da na'urar sauya gudu, kowanne kubik 146 a awa, su ke kai ruwa ga akwatunan iska goma, AHU-1 zuwa AHU-10. Bututun tsallake ne ya haɗa zagayen biyu. Lantarki bolt 400 ne, layi uku, kuma gurup, wato janareton ginin, inji ɗaya kawai yake iya ɗauka.

Injiniyan ƙaddamarwa shi ke jagorantar gwaji, shi ke riƙe takardu. Ɗan kwangila ya kawo ma'aikata da kayan awo masu takardar daidaitawa da ba ta wuce wata 12 ba. Wakilin masana'antar da ta ƙera injinan ne kaɗai zai yi tashin farko. Ma'aikatan mai gini da za su gaji tashar su tsaya a kowane gwaji, da hannunsu za su juya bawul. Ba a shiga wani mataki sai an sa hannu a kan wanda ya gabace shi.

2. Jadawali

Mako biyun farko na Maris: matsi, wanki, lantarki. Mako na uku: daidaita ruwa da tashin farko. Mako na huɗu: gwajin aiki. Gwajin cikakken ƙarfi da na awa 72 sai ƙarshen Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40 da rana. Injin da aka gwada da sanyin hunturu bai nuna komai ba tukuna.

3. Matsi da wankin bututu

A ware injinan, bawul ɗin tsaro da tankin numfashi, wato tankin da ke karɓar kumburin ruwa. A cika ruwa daga ƙasa, a fitar da iska ta saman hawa na biyar, a kai matsi bar 9, wato ninki ɗaya da rabi na matsin aiki, a riƙe awa biyu. A yi shi da asuba. Idan rana ta bugi bututun tsakar gida ruwa yana kumbura, allura ta hau, ta rufe yoyon da ake nema. Ba a sa wa mahaɗai riga sai an gama.

Sharaɗin karɓa: faɗuwar matsi kada ta wuce bar 0.1, kuma babu danshi a kowace walda.

Wanki kuwa, ruwan ya bi ta tsallake, kada ya shiga inji ko kwayil. Gudunsa ya kai aƙalla mita 1 a daƙiƙa a babban bututu, in ba haka ba yashi da ɓarɓashin walda suna kwance ne kawai ruwa yana wucewa ta samansu. Bututun da ya kwana a shantiye baki buɗe tun hunturu, abin da ke cikinsa ya fi wanda ake zato. A buɗe rariyar famfo bayan awa 2, bayan 8, bayan 24. An karɓa idan rariya ta fito ba komai sau biyu a jere, ruwan da aka ɗiba a farar kwalba ya yi garau, kuma bayan zuba maganin tsatsa ma'aunin `pH` yana tsakanin 8.5 da 9.5. Sai a hura tankin numfashi bar 2.5, a cika tashar bar 2.8, tunda tsayin ginin mita 22 ne.

4. Lantarki da ma'aunai

A auna rufin kowace waya da mega, na'urar awon rufin waya, a bolt 500, kada ya gaza megawom 1. A cire na'urar sauya gudu kafin nan, mega yana ƙona ta. A tabbatar da jerin layuka da na'urar awo: kwamfureson sukuru idan ya juya baya, lalacewa yake yi nan take. Famfo kuma yana iya juyawa baya ya ba da ɗan ruwa har a ɗauka lafiya yake, don haka a duba kibiyar da ke jikinsa. Bolt ya tsaya tsakanin 360 da 440, bambancin layuka kada ya wuce kashi 2 cikin 100. A kunna na'urar ɗumama man kwamfureso awa 24 kafin tashi, don gas ɗin da ya narke a cikin man ya rabu da shi.

Ma'aunan zafin ruwan fita da na dawowa a tsoma su tare a bokitin ƙanƙara da ruwa, sannan a ruwa mai digiri 12, gefe ɗaya da ma'aunin tabbaci. Kowanne kada ya kauce fiye da digiri 0.2, kuma su biyun kada su bambanta fiye da 0.1. Wannan wurin muke so a ba shi lokaci: tazarar zafin duka digiri 5 ce, kuskuren rabin digiri ya zama kuskuren kashi 10 a lissafin ƙarfi, a zo ana jayayya da masana'anta kan inji mai lafiya.

5. Daidaita ruwa

Duk bawul ɗin akwatunan iska a buɗe su gaba ɗaya. A fara daidaitawa daga AHU-10, mafi nisa, a dawo baya. Ruwan kowane inji ya kasance kubik 86 zuwa 95 a awa, na kowane akwati kada ya kauce wa zane fiye da kashi 10. A kulle hannun bawul, a rubuta lambarsa a takarda da jikin bututu.

6. Gwajin aiki

G-1, tashi da tsayawa. A ba da umarni daga allon BMS, kwamfutar da ke sarrafa na'urorin ginin. Bawul ɗin inji ya buɗe, famfo ya tashi, makunnin gudun ruwa FS-1 ya tabbatar cikin daƙiƙa 30, sannan kwamfureso. A tsayawa, famfo ya ci gaba minti 3 bayan kwamfureso. Inji kada ya sake tashi kafin minti 10 da tsayawarsa.

G-2, yankewar ruwa. Inji yana aiki a ƙaramin nauyi, a riƙa rufe bawul ɗin fita sannu a hankali ana kallon mita. Inji ya tsaya kafin ruwa ya sauka ƙasa da kubik 43, ƙararrawa ta fito a allo. Da bawul za a yi wannan gwajin, cire waya ba ya nuna ko harshen makunnin ya maƙale. A duba inda aka ɗaure wayoyin makunnin ma ko an bar wayar gada tun lokacin haɗi. Idan ruwa ya tsaya gas yana ci gaba da sanyaya shi, ƙanƙara ta fasa bututun ciki, ruwa ya shiga kwamfureso, shi ke nan inji ya tafi.

G-3, kariyar daskarewa da matsin gas. Madatsar daskarewa tana digiri 3. Kada a kai ruwa can. Wakilin masana'anta ya ɗaga madatsar zuwa 8 na ɗan lokaci, a ga inji ya tsaya, a mayar da ita a gaban shaida. Don matsin gas, a kashe fankokin kwandensa ɗaya bayan ɗaya: inji ya fara rage nauyi da kansa, ya tsaya a matsin da ke takardar masana'anta.

G-4, ƙari da ragin inji. Inji na biyu ya shigo idan na farko ya haura kashi 90 na minti 10, ko ruwan da ke zuwa gini ya haura digiri 8.5 na minti 10. Ya fita idan nauyin gini ya sauka ƙasa da kilowat 400 na minti 15. A maimaita sau uku, a sauya mai gaba kowane karo. A lura da bututun tsallake. Idan zagaye na biyu ya ja ruwa fiye da na farko, ruwan dawowa yana komawa ta tsallake ya gauraya da mai sanyi: allon inji na nuna 7, gini na samun 9 ko 10, mutanen hawa na biyar suna zufa. Sharaɗi: ruwa kada ya juya baya fiye da minti 10 ba tare da inji na biyu ya shigo ba, kuma kada inji ya tashi fiye da sau uku a awa.

G-5, famfunan zagaye na biyu. Bambancin matsi a AHU-10 an ɗaure shi a bar 0.8. A rufe akwatuna biyar a lokaci guda, sannan a buɗe. Matsi ya koma tsakanin 0.7 da 0.9 cikin minti 3, ba hawa da sauka, gudu kada ya gaza `20 Hz`. A kashe makunnin P-4: P-5 ya karɓa cikin daƙiƙa 15. Haka a yi wa P-1 da P-2 da P-3.

G-6, ɗauke wuta. A buɗe babban makunni injinan biyu suna aiki. Gurup ya karɓa cikin daƙiƙa 15, famfuna su biyo baya a daƙiƙa 30, inji ɗaya ya tashi bayan jinkirinsa ya cika, ɗayan ya zauna a kulle. BMS kada ya mutu, kada ya manta madatsansa. Wutar gari ta dawo ta zauna minti 5 kafin a koma kanta, inji na biyu ya jira wasu minti 5. Ba wanda zai taɓa maɓalli daga farko har ƙarshe. A maimaita da cire layi ɗaya kacal: komai ya tsaya cikin daƙiƙa 3.

7. Cikakken ƙarfi da awa 72

A wanke kwandensa da ruwa marar ƙarfi kwana ɗaya kafin gwaji, daga ciki zuwa waje. Ƙurar da ta toshe haƙoran kwayil tana ɗaga matsin gas, ta cinye ƙarfi. A yi gwajin tsakanin ƙarfe 1 da 4 na rana. Idan ginin bai cika da mutane ba, a buɗe ƙofofin iskar waje na akwatuna don a samu nauyi. Kowane inji ya tsaya a cikakken nauyi awa ɗaya, ana rubutu duk minti 5.

```
Q (kW) = 1.163 × V (m³/h) × ΔT (°C)
EER = Q / P
```

Q ƙarfin sanyaya ne, V ruwan da ke bi ta inji a awa, ΔT tazarar zafin ruwan dawowa da na fita, P kuma kilowat ɗin lantarkin da inji ke ci. Zafin iska a auna shi a bakin kwandensa, cikin inuwa, wuri huɗu. Injinan suna kusa da katangar yamma. Idan iskar bakin ta fi ta tsakar gida da digiri 2, iska mai zafi ce ke dawowa, kuma gyaran na wurin girkawa ne.

Sharaɗin karɓa, bayan an daidaita da teburin masana'anta bisa zafin ranar: ƙarfi kada ya gaza kashi 95, wato kilowat 475; `EER` kada ya gaza 2.38, na kwangila 2.5 ne, ruwan fita tsakanin 6.5 da 7.5, tazarar zafin gini aƙalla digiri 4.5. Tazarar da ta tsaya a 3 alama ce ta bawul da ba ya rufewa ko kwayil mai datti, a bi akwatunan ɗaya ɗaya.

Daga nan tashar ta yi awa 72 da kanta. Ƙararrawar da ta tsayar da inji tana mayar da ƙidaya sifiri. Mitar ruwan ciko kada ta motsa. Rigar bututu kada ta yi zufa, kuma tunda iskar Afrilu busasshiya ce, za a sake duba wannan a watan Agusta da damina kafin a saki kuɗin garanti.

8. Miƙa tasha

Aibin da ya shafi tsaro ko jerin sarrafawa yana hana karɓa, a gyara a maimaita gwajin duka daga farkonsa. Ƙananan aibobi a rubuta su, a gyara cikin kwana 14. Ɗan kwangila ya miƙa zanen yadda aka gina, takardun gwaji masu sa hannu, kwafin shirin BMS da jerin madatsai, ya kuma horar da ma'aikatan mai gini kwana biyu. A ƙarshen horon su za su yi G-1 da G-6 da kansu, injiniyan ƙaddamarwa yana tsaye yana kallo.