Ƙanwata, na ji zancen aikin

Salam ƙanwata, ya gida ya ƙoƙari? Umma ce ta faɗa min jiya da daddare wai sunanki na cikin waɗanda aka sallama a ragin ma'aikatan da kamfaninku ya yi, na kira na ji wayarki a kashe shi ya sa na ce bari in rubuto, duk sanda kika kunna kya gani. Allah ya sa haka shi ya fi alheri, ya musanya miki da wanda ya fi shi.

Na san da ciwo, ba zan ce miki ba komai ba. Shekara 4 kina sammako kina dawowa a gajiye, rana ɗaya a miƙo miki takarda a ambulan a ce an gode, dole ran mutum ya ɓaci. In kuka ya zo ki yi abinki. Amma ni dai ba jaje na zo miki ba wallahi, don ban ga abin tausayi a tattare da ke ba. Ke ce fa kika karɓi sito ɗin nan littafin kaya a hargitse, abin da ke rubuce daban abin da ke kan kanta daban, kika zauna kika bi rasit ɗaya bayan ɗaya har lissafi ya daidaita, kika mayar da komai cikin Excel alhali ba wanda ya koya miki, da waya kika koya cikin dare ina jinki kina mita in lissafin ya ƙi fita. Yaran nan biyu da aka kawo bara ma ke kika horar da su. Kujera suka karɓa, abin da kika iya yana nan a kanki kuma da shi za ki shiga duk inda za ki shiga.

Kuma ki sake karanta takardar da kyau, Umma ta ce ragin ma'aikata aka rubuta, ba laifi ba. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, duk inda kika je intabiyu aka tambaye ki me ya raba ki da wancan wurin, kanki a sama za ki ce kamfani ne ya rage mutane, shi ke nan, ba kame-kame.

To yanzu ga abin da nake so ki yi tun abin da ɗuminsa. Ki lalubo takardar ɗaukar aikinki ta farko ki duba me aka rubuta kan notis da kuɗin sallama da kwanakin hutun da ba ki ci ba, kar ki sa hannu a kan komai sai kin karanta kin gane, in sun ce sauri suke ki ce za ki je da ita gida ki duba. Haƙƙinki ne ba roƙo ba ne. Sannan ki nemi ogan sashenku ya rubuta miki takardar shaidar aiki a satin nan, tun yana tuna irin aikin da kika yi masa, in aka ja lokaci sai ki ga an canza shi ko ya fara yi miki gobe jibi. Ki miƙa makullai da lissafi tsaf a rubuce a sa miki hannu. Don Allah kar ki hau status ki zage su ko da habaici ne, na san halinki in rai ya ɓaci, mutanen nan da kike gani su ne gobe za a kira a tambaya wace ce ke.

Abin da na fi ji miki shi ne ɓuya. Kar ki kulle kanki a ɗaki kina jin kunyar mutane su sani, kunyar me? Ki faɗa wa ƙawayenki na makaranta, ki faɗa wa dilolin da ke kawo muku kaya da suka san ba a taɓa kama ki da almundahana ba, ki ce musu ina neman aiki ga abin da na iya. Wanda bai san kina nema ba ta yaya zai tuna da ke in gurbi ya samu? Sai dai ki kula, duk wanda ya ce ki turo kuɗi a sama miki aiki ki rabu da shi, irin lokacin nan suke jira.

Batun hayar ɗaki da kuɗin makarantar yarinya kar ya hana ki barci, mun yi magana da yayanki za mu riƙe na wata 3, kuma bana son jin wani a'a, da ni ce a wannan halin na san abin da za ki yi.

Ki huta yau da gobe. Ranar Asabar da safe zan shigo da kwamfutata mu gyara takardun neman aikinki tare, ki rubuto min duk abin da kika yi a wurin nan komai ƙanƙantarsa kar ki raina ko ɗaya. In kin kunna wayar ki min filashin zan kira. Ki gaida min ɗiyata.

Yayarki