Odar kayan zuba dal na gidan Karkada

Damagaram, Alhamis 30 ga Oktoba 2025

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan kasuwa na albarka. Ginin Karkada ya kai linta, kuma mun tsayar da Asabar 15 ga Nuwamba ranar zuba dal. Faɗinsa murabba'in mita 120 ne, kauri santimita 12. In an haɗa da bim-bim, kankaren zai kai mita kubik 18. Kayan za su zo kashi uku, don filin ba zai ɗauke su gaba ɗaya ba.

Litinin 3 ga Nuwamba, kayan kafinta: katako mai mita 4, faɗin santimita 30, guda 130, da ƙusa 'yar 8 kilo 20. A zaɓo busasshe. Ɗanye yana lanƙwashewa a rana, ruwan siminti ya tsiyaye ta tsakani.

Asabar 8 ga wata, ƙarfe: ɗan 10 sanda 115, ɗan 12 sanda 60, ɗan 6 sanda 50, kowace sanda mita 12 cif, da wayar ɗauri kilo 25. Alhaji, a nan nake roƙon ka tsaya da kanka. Akwai ƙarfen da ake kira ɗan 10 a kasuwa, in an auna bai wuce 8 da rabi ba. Injiniya zai sa ma'auni kafin a sauke, abin da bai cika ba a motar zai koma. Ɗan tsatsa na sama ba komai, amma banda wanda ya fara ɓarewa.

Laraba 12 ga wata, siminti mai lamba 42.5, tan 7, wato buhu 140 na kilo 50. Buhu 7 muke sa wa kowace mita kubik, 126 ke nan, sauran 14 na ko-ta-kwana ne. Kada ya zo kafin wannan rana, kuma sabon saukewa nake so. Wanda ya daɗe a ƙasan sito yana dunƙulewa, ƙarfinsa ya ragu. A rana ɗaya a kawo tsakuwa mai 15/25 mita kubik 15, da yashi mai kaushi mita kubik 8, marar laka. Ka san halin ruwa a garin nan, wanda muka tara na kwaɓi ne da ban ruwan dal, ba mu da na wanke yashi.

Mota ta iso kafin ƙarfe 9 na safe, lokacin leburori na nan. Lungun ƙunci gare shi, babbar mota ba ta juyawa, sai a turo ƙarama ko da sawu biyu ne. Kowane sawu ya zo da takardar kaya, ni zan ƙirga in sa hannu.

Maigidan zai aiko maka da sefa miliyan 1 gobe bayan Juma'a, ciko kuma bayan kowane kashi. In akwai abin da ba ka da shi, sanar da ni kafin Lahadi, don na riga na kama injin kwaɓi da ma'aikata na ranar 15.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Shugaban ma'aikata, ginin Karkada