Littafin atisaye na Sani, Jidda: mako na bakwai

Shirin rabin gudun fanfalaki na Riyad, kilomita 21.1.

Lahadi. Bugun zuciya da na farka, kafin in sauko daga katifa: 55. Barci awa bakwai. Sassarfa kilomita 8 a Kwarnish, hanyar bakin teku, bayan sallar asuba, minti 6 da daƙiƙa 10 kowace kilomita. Makin wahala 4 cikin 10. Jiki garau.

Litinin. Hutu. Bugu 56.

Talata. Bugu 60. Barci awa biyar, na kai alhazai filin jirgi ban dawo ba sai ƙarfe ɗaya. Gudun sauri, mita 800 sau shida, da ɗumama jiki da hucewa kilomita 9. Huɗun farko lafiya lau, biyun ƙarshe da kyar. Wahala 8. Ƙwaurin hagu ya fara tsuka ta ciki.

Laraba. Bugu 61. Kilomita 6 a hankali, amma sai na ji kamar ina jan buhun shinkafa. Wahala 6.

Alhamis. Bugu 62. Kilomita 7. Da na tsaya ba su da kirki, ƙafafun. Wahala 6.

Juma'a. Doguwar tafiya, kilomita 16. Na hau sikeli kafin fita: kilo 72. Da na dawo: 70.3, alhali na sha rabin lita a hanya. Iska ba ta motsi ko kaɗan, danshin teku ya sauko, tun kilomita ta uku riga ta manne mini a baya, da na cire safa sai da na matse ta. Minti 6 da daƙiƙa 45 kowace kilomita. Wahala 8.

Asabar, bitar mako.

Jimilla kilomita 46. Makonni ukun baya: 32, 35, 38.

Jiya raina ya ɓaci da na ga 6:45, don wata guda da ya wuce a wannan hanyar 6:20 nake yi. Har na ɗauki biro zan ƙara ranar sauri ta biyu a mako mai zuwa. Da yamma na kai wa Yaya Habu littafin a shagonsa na ɗinki, shi da ya daɗe yana gudu tun ina makaranta. Ya sa babban yatsa ya rufe layin lokaci gaba ɗaya, ya ce, "Ƙanena, karanta mini sauran." Da na karanta sai na ga abin da idona ya tsallake.

Lokacin kilomita a Jidda ba shaida ba ne a wannan yanayi. Idan danshi ya yi yawa zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa, jini ya karkata zuwa fata, zuciya ta ƙara bugu don gudun da ba shi da wani sauri. Riyad kuwa tudu ce, busasshiya, kuma da sanyin hunturu ake tseren. Saboda haka 6:45 ta jiya labarin iska take ba ni fiye da labarin ƙafata. Zan ci gaba da rubuta ta, amma ba zan canza shiri saboda ita ba sai na gwada kwanaki masu yanayi iri ɗaya.

Lambobin da zan duba daga yau guda uku ne. Bugun safe ya saba zama 54 zuwa 56, ga shi kwana uku a jere yana 60 ko sama. Rana ɗaya ba komai, rashin barci ma na kawo haka, amma uku a jere magana ce. Sai makin wahala a ranakun sassarfa: gudun da ya kamata ya zama 4 ya koma 6, kuma wannan ya fi damuna, don ni na ji shi a jikina, ba agogo ya faɗa mini ba. Na uku jimillar mako. Daga 38 zuwa 46 ƙarin kashi 21 cikin ɗari ne, ni da nake ƙara uku uku. Ƙwaurin nan daga can ya samo asali, ina kyautata zato.

Sikeli kuma na ruwa ne kawai, ba na ƙiba ba. Kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta fita. Kashi 2 cikin ɗari na nauyina bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ni kuwa na zubar da 1.7. Ruwan da nake ɗauka ya yi kaɗan.

Adadin taku da kalori da agogo ke nunawa, na daina kwafe su, suna cinye mini shafi ne kawai.

Mako na takwas: kilomita 34. Babu gudun sauri sai bugun safe ya dawo ƙasa da 58 kwana biyu a jere. Daren da barci bai kai awa shida ba, washegari sassarfa ce ko hutu. Juma'a kilomita 12, da gorar lita ɗaya da ɗan gishiri da dabino uku a aljihu. Na buɗe sabon layi don ƙwauri, maki 0 zuwa 10 kowace safiya. In ya kai 4, ko ya taru wuri ɗaya da yatsa zai iya nunawa a kan ƙashi, na ajiye takalmi in je asibiti a duba, in Allah ya yarda.